Darakta Mai Riƙon Amana Ne, Ba Mai Kamfani Ba: Abin Da Ya Kamata Mu Sani Kafin A Zauna Sulhu



A 'yan shekarun nan mutanenmu da yawa sun daina kasuwancin kowa tasa ta fisshe shi. Masu kawo shanu Gariki a Inugu da kasuwar Amansea, da masu albasa da tumatir da wake da ke saukewa a Anacha da Fatakwal, sun fara haɗa jari su huɗu ko biyar su yi wa kamfani rajista. Dalilin a fili yake. Otal ko kamfanin abinci ba ya ba da kwangila sai ya ga takardar rajista da asusun banki mai sunan kamfani.

Matsalar ita ce muna karɓo takardar, mu bar dokar da ta zo tare da ita. Wanda aka naɗa shugaba sai ya ɗauka kamfanin shagonsa ne. Wanda aka sa sunansa don girmamawa sai ya ɗauka babu ruwansa. Ranar da rigima ta tashi kuma sai a tafi gaban Sarkin Hausawa ko dattawan kasuwa, babu wanda ya san iyakar haƙƙinsa, a raba abin yadda ya sawwaƙa, mai rauni ya haƙura.

Ra'ayina shi ne sulhu alheri ne, kuma ya fi kotu sauƙi da arha. Amma sulhun da aka yi ba tare da sanin abin da doka ta tanada ba, sau da yawa rufa wa mai ƙarfi asiri ne kawai. Don haka bari mu duba abu uku: amanar da ke wuyan darakta, kulawar da ake nema daga gare shi, da abin da za a iya yi idan ya saɓa.

Kuɗin na wane ne?

Dokar da ke tafiyar da wannan al'amari ita ce dokar kamfanoni ta 2020, wadda lauyoyi ke kira CAMA. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a watan Agusta na shekarar, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1990. Ina magana ne a nan kan kamfani mai hannun jari, ba sunan kasuwanci kawai da mutum ya yi wa rajista ba.

Daga ranar da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ba da takarda, doka tana kallon kamfanin a matsayin wani mutum mai zaman kansa. Kuɗin da ka zuba sun bar aljihunka sun zama nasa. Abin da kake da shi shi ne hannun jari, wato haƙƙin jefa ƙuri'a da samun rabo idan an yanke a raba riba. Ko kai ka kawo kashi saba'in na jarin, motar kamfani ba motarka ba ce, asusunsa ba asusunka ba ne.

Sashe na 305 ya ce darakta mai riƙon amana ne ga kamfani, kuma dole ya yi aiki da cikakkiyar gaskiya don amfanin kamfanin gaba ɗaya. Sashe na 309 ya ƙara da cewa kuɗi da kadarori da ikon da ke hannunsa duk ajiya ce. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makiyayin da aka ba kiwo ba ya sayar da ɗan maraƙi ya ce ai shi ya sha rana. Abin da doka ta ƙara shi ne babu wata yarjejeniya ko ƙa'idar cikin gida da za ta iya sauke wa darakta wannan nauyi. Ko an rubuta cewa shugaba yana da ikon yin yadda ya ga dama, rubutun ba zai kare shi ba idan ya ci amana.

Ribar ɓoye: misali da lissafi

A ɗauka 'yan kasuwa biyar sun kafa kamfanin kawo shanu Fatakwal da jarin naira miliyan 10. Shugaba ya zuba miliyan 4, sauran huɗun kowa miliyan ɗaya da rabi. Dukansu daraktoci ne, amma shugaba ne ke gudanar da harkokin yau da kullum. Wannan misali ne na ƙirƙira don a fahimta, ba labarin kowa ba ne.

Wani otal ya aiko wa kamfanin cewa yana son shanu 8 kowane mako. Shugaba ya duba asusu ya ga kuɗin ba za su isa ba a wannan watan. Bai kira taro ba, bai gaya wa kowa ba. Sai ya karɓi kwangilar da sunan wani ƙaramin kamfani da ya buɗe wa ɗansa, ya zuba kuɗin aljihunsa. Yana samun ribar naira dubu 50 a kan kowace saniya, wato dubu 400 a mako. Bayan mako 50 ya tara miliyan 20. Sannan maganar ta fito.

Mun san yadda irin wannan zama ke ƙarewa. Shugaba zai kawo hujja uku. Zai ce kuɗinsa ya sa, bai taɓa sisin kamfani ba. Zai ce kamfanin ba shi da ƙarfin yin aikin a lokacin. Zai ce kamfanin bai yi asarar komai ba. Dattawa za su ga hujjojin suna da ma'ana, a ce ya ba abokansa miliyan biyu su raba don a zauna lafiya.

Sashe na 306 ya rushe hujjojin nan duka uku. Ya hana darakta barin son ransa ya ci karo da aikinsa, ya hana shi cin ribar ɓoye ta hanyar dukiyar kamfani ko matsayinsa, kuma ya ce duk ribar da ya samu ta haka zai mayar wa kamfani. Sashen ya faɗi ƙarara cewa gazawar kamfani ko rashin son yin aikin ba kariya ba ce. Tambayar da kotu za ta yi ɗaya ce: ta wace ƙofa labarin kwangilar ya shigo masa? Idan otal ɗin ya neme shi ne saboda shi ne shugaban kamfanin, to damar ta kamfani ce, kamar yadda mota da kuɗi suke na kamfani.

Saboda haka abin da ke kansa ba miliyan biyu ba ne. Ribar ce gaba ɗaya, miliyan 20, kuma asusun kamfani za ta shiga, ba aljihun wanda ya tona maganar ba. Idan daga baya aka yanke a raba ta, shugaba zai samu kashi arba'in nasa, wato miliyan 8, sauran huɗun kowa miliyan 3. Ku kwatanta da dubu 500 da kowannensu zai samu a wancan sulhun. Wanda ya yafe miliyan biyu da rabi da saninsa ya yi karamci. Wanda ya yafe bai san yana da su ba, an cuce shi ne kawai.

Ajiye muƙami ma ba ya wanke mutum. Idan shugaba ya ji ƙanshin kwangilar ya yi murabus yau, ya karɓe ta gobe, sashen ya ce haramcin amfani da bayanan kamfani yana bin sa har bayan ya bar kujerar, kuma kotu tana iya dakatar da shi.

Daga ina wannan tsanani ya fito?

Dokar kamfanoninmu ta gaji da yawa daga shari'o'in Ingila, kuma wadda aka fi ambata a nan ita ce ta kamfanin Regal da ke garin Hastings, wadda kotun ƙolin Birtaniya ta lokacin ta yanke a 1942. Kamfanin yana da gidan sinima ɗaya, yana son ya karɓi hayar wasu biyu ta hanyar wani ƙaramin kamfani da ya kafa. Mai gidajen ya ce sai ƙaramin kamfanin ya cika jarin fam 5,000. Regal fam 2,000 kawai ya iya kawowa. Sai daraktoci huɗu kowa ya sayi hannun jarin fam 500 da kuɗinsa, lauyan kamfanin ma ya sayi na 500, shugaban kuma ya nemo wasu daga waje suka cike ragowar. Ba da daɗewa ba aka sayar da kamfanonin, kowane hannun jarin fam ɗaya ya kawo ribar kusan fam uku.

Sabbin masu kamfanin suka kai tsofaffin daraktocin ƙara. Kotu ba ta same su da mugun nufi ba. Taimaka wa kamfanin ma suka yi, kuma da ba su zuba kuɗinsu ba da cinikin ya rushe. Duk da haka aka ce daraktocin huɗu su dawo da ribarsu, saboda ta dalilin kujerarsu suka same ta, kuma ba su nemi amincewar masu hannun jari ba. Shugaban ya tsira domin bai sayi komai da sunansa ba, bai ci riba ba.

Wani zai ce wannan ya yi tsauri, kuma a kan waɗancan mutanen huɗu da gaske ya yi. Amma ku duba abin da zai faru in da an sassauta. Wa ke sanin ko kamfani yana da ƙarfin yin aiki? Darakta. Wa zai je banki neman rance, ko ya kira abokai su ƙara jari? Darakta. Idan aka bar masa ƙofar cewa kamfani ba zai iya ba, to duk kwangila mai maiƙo kamfani ba zai taɓa iyawa ba. Ba a ba kura ajiyar nama sannan a tambaye ta ko naman ya ruɓe. Shi ya sa nake ganin tsananin daidai ne.

Ƙofar halak tana nan a buɗe

Doka ba ta hana darakta kasuwancin kansa kwata-kwata ba. Ɓoyewa ta hana. Da shugaban namu ya kira babban taron masu hannun jari kafin ya taɓa aikin, ya ce ga tayi daga otal, ga ribar da ake sa rai, ga halin asusunmu, in ba za mu iya ba ina neman izini in yi da kuɗina, aka amince aka rubuta, to yana iya tsira da ribarsa. Sharaɗin shi ne lokaci. Bayani kafin ciniki yana karewa. Bayani bayan an ci riba ba ya hana a mayar da ita. Kuma a gaban masu hannun jari ake yi, ba a gefen mota da mutum ɗaya ba.

Haka abin yake idan darakta zai sayar wa kamfani kayansa, ko ya ba shi hayar shagonsa, ko a yi ciniki da kamfanin da yake da hannu a ciki. Sashe na 303 ya ce ya bayyana wa sauran daraktoci. Haka ma kamasho. Idan aka aiki darakta sayen tirela, mai sayarwa ya rubuta rasit na miliyan 30 ya mayar masa da miliyan 3 a gefe, sashe na 313 ya ba kamfani damar ƙwato kuɗin, ya kuma bi mai bayarwa da mai karɓa kan asarar da ya yi. A kasuwa la'ada haƙƙin dillali ce, amma darakta ba dillali ba ne, wakilin mai saye ne. Kyautar godiya da ta zo bayan an gama ciniki ba tare da an roƙa ba, ita ma sai an faɗa wa daraktoci an rubuta a littafin taro kafin ta halatta.

"Ni sunana kawai aka sa"

Nauyi na biyu shi ne kulawa, kuma nan ne mutanen kirki suka fi faɗawa. Mun saba sa sunan yaya da ke Kano, ko matar gida, ko wani dattijon unguwa a jerin daraktoci don a cike takarda ko don a ƙara wa kamfani kwarjini. Sashe na 308 ya ce kowane darakta ya yi aiki da irin kulawa da himma da ƙwarewar da darakta mai hankali zai nuna a irin wannan hali. Ya ce ma'aunin ɗaya ne ga mai zuwa ofis kullum da wanda taro kawai yake halarta. Ya kuma ce rashin zuwa taro ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba ba ya sauke alhaki. A doka babu daraktan ado.

Sai dai a bambance asarar kasuwa da sakaci, domin a nan ma ana zaluntar shugabanni. A ce daraktoci sun zauna, sun duba farashi a Anacha, sun yi lissafin kuɗin mota da na hanya, suka loda albasa daga Sakkwato. Kafin motar ta iso, wasu motoci goma sun riga ta, farashi ya faɗi, aka yi asarar miliyan biyu. Wannan kasuwa ce. Babu wanda za a ce ya biya daga aljihunsa. Kotu ba ta hukunta mutum don hasashensa bai ci ba.

Amma a ce inshorar tirelar ta ƙare wata huɗu da suka wuce, an tunatar da shugaba bai sabunta ba. An ba yaron da ba shi da lasisin babbar mota tuƙi saboda ɗan ƙanwar shugaba ne. Motar ta faɗi, kaya da mota suka tafi. Wannan ba ƙaddarar kasuwa kaɗai ba ce, akwai aikin da mai hankali zai yi aka ƙi yi, kuma kamfani yana iya neman diyyar asarar daga wanda ya yi sakacin. Daraktan da aka ba haƙƙin sa hannu na biyu a cek, ya sa hannu a kan fararen cek goma ya bar wa shugaba don kada a riƙa damunsa, shi ma yana cikin sahu. An sa hannu biyu ne don ido biyu su gani. Doka ta yarda a wakilta wani ya yi aiki, amma ba ta yarda a sakar masa komai a juya baya ba.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Kada a tambaya ko an yi riba ko asara. A tambaya: an nemi bayani kafin a yanke? An zauna an tattauna? An rubuta? Da aka ga alamar matsala an yi magana? Wanda ya yi aiki da gaskiya da hankali, ko da an same shi da kuskure, doka ta ba kotu ikon sassauta masa.

Akwai wani wuri da sakaci ke taɓa aljihun darakta kai tsaye. Idan kamfani ya nutse cikin bashi, daraktoci sun sani ko ya kamata su sani cewa ba zai farfaɗo ba, amma suka ci gaba da karɓo shanu bashi daga Arewa, to idan aka zo rushe kamfanin kotu tana iya sa su biya daga dukiyarsu. Kalmar nan ta iyakantaccen alhaki tana kare mai hannun jari ne, ba ta wanke daraktan da ya yi ganganci da dukiyar mutane.

Kada kuma a ɗauka girman kujera yana hana bincike. A watan Agusta na 2009, Babban Bankin Nijeriya ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. A watan Oktoba na 2010 Cecilia Ibru, wadda ta shugabanci bankin Oceanic, ta amsa laifi uku a Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, aka yanke mata wata shida, ta kuma sallama kadarorin da aka ƙiyasta sun kai kimanin naira biliyan 191. Wancan shari'ar laifi ce ƙarƙashin dokokin banki, amma tushen ɗaya ne: dukiyar da ke hannun shugaba ba tasa ba ce.

Idan an saɓa, mene ne abin yi?

Abu na farko da za a riƙe shi ne, tunda kamfani aka cuta, kamfani ne ke da haƙƙin kai ƙara. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce tun shari'ar Foss da Harbottle ta 1843, kuma tana nan a sashe na 341. Ba za ka tashi kai kaɗai ka ce a biya ka kasonka na miliyan 20 ba. Abin da kamfani zai iya nema ya haɗa da mayar da ribar ɓoye, diyyar asara, soke cinikin da aka yi cikin ɓoye, dawo da kadarar da aka karkatar, da umarnin dakatar da abin da ake shirin yi.

A misalinmu mutum huɗun suna da kashi sittin, don haka hanyarsu a buɗe take. Masu kashi ɗaya cikin goma na jarin da aka biya suna iya rubuta wa daraktoci su kira taron gaggawa, in an ƙi su kira da kansu. Sashe na 288 ya ba masu rinjaye ikon tsige darakta da ƙuduri na yau da kullum, wato fiye da rabin ƙuri'un da aka jefa. Amma sai an ba kamfani sanarwa ta musamman ta kwana 28, an aika wa wanda ake son tsigewa, an kuma ba shi damar kare kansa a taron. A nemi a ƙirga ƙuri'a da yawan hannun jari, ba da ɗaga hannu ba, don kada a yi gardama daga baya.

Kada fushi ya sa a tsallake matakan nan. Bankin First Bank ya cire shugabansa Bernard Longe a 2002 a taron daraktocin da ba a aika masa sanarwarsa ba. A 2010 Kotun Ƙoli ta ce cirewar ba ta inganta ba saboda wannan dalilin. Idan babban banki mai lauyoyi ya yi tuntuɓe a kan takardar gayyata, mu da muke kiran taro ta waya da daddare sai mu kiyaye. Gaggawa aikin shaiɗan, in ji magabata.

To idan lissafin ya juya, shugaba ne ke da kashi sittin fa? Ba zai tsige kansa ba, ba zai bari kamfani ya kai shi ƙara ba. Nan doka ta buɗe wa marasa rinjaye ƙofa biyu.

Ta farko tana sashe na 346. Mai hannun jari ko darakta yana iya neman izinin kotu ya shigar da ƙara da sunan kamfani. Kafin a ba shi, sai ya nuna ya rubuta wa daraktoci sanarwa mai ɗauke da abin da ya faru da asarar da aka yi, ya ba su lokaci, ba su ɗauki mataki ba. Sai kuma kotu ta gamsu da niyyarsa, ta ga ƙarar amfanin kamfani ce. Abin da aka ƙwato galibi kamfani yake komawa, amma kotu tana iya sa kamfanin ya biya kuɗin lauyan mai ƙarar. Kuma da zarar an shigar, ba a janyewa a ɓoye sai da yardar kotu, don kada a sayi mai ƙarar a bar sauran.

Ta biyu tana sashe na 353 zuwa 355, wato koke cewa ana tafiyar da kamfani ta hanyar danniya ko nuna bambanci. Ga ƙaramin kamfanin da amana ta riga ta mutu a cikinsa, wannan ta fi amfani a ganina, domin kotu tana iya umartar masu rinjaye su sayi hannun jarinka a kan farashin adalci, ko ta soke wani ciniki, ko ta sa hukumar rajista ta yi bincike. Ka karɓi haƙƙinka, kowa ya kama gabansa.

Irin waɗannan shari'o'i Babbar Kotun Tarayya ake kaiwa, kamar yadda tsarin mulkin 1999 ya tanada. Tana zama a Fatakwal da Inugu da Awka. Ofishin 'yan sanda ba wurin raba hannun jari ba ne. Sai in akwai sata ko takardar jabu a fili, kuma ko an kama mutum, kamun ba ya mayar da riba asusun kamfani.

Iyakar abin da doka za ta yi maka

Gaskiya ɗaya ce: shari'a tana cin kuɗi da shekaru, kuma kotu da takarda take aiki. Wanda ba shi da bayanin asusun banki, ba littafin taro, ba rasit, sai "kowa ya sani", zai sha wahala ko da shi ke da gaskiya. Wanda ya ga ɓarna ya yi shiru shekara da shekaru shi ma ya raunana ƙararsa.

Dokar 2020 ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni, ta ɗauke musu wajabcin babban taron shekara, ta kuma sassauta musu maganar ɗaukar mai binciken kuɗi. Wannan sauƙi ne ga mutum ɗaya mai kamfaninsa. Ga mutum biyar da suka haɗa jari, tarko ne in suka dogara da shi, domin taron da binciken su ne kaɗai tagar da mara rinjaye ke leƙawa. Shawarata ita ce ku rubuta a ƙa'idojin kamfaninku cewa za a zauna duk wata uku, a ajiye bayanin asusun banki a gaban kowa, kuma kowane tayin kwangila da ya zo a shigar da shi littafi ko da ba za a yi ba. Alamomin da ke nuna an fara karkacewa sanannu ne: abokan ciniki suna biya ta asusun mutum ba na kamfani ba, tsohon kwastoma ya daina saye amma ana ganin motarku a ƙofarsa, ana ta ɗage taro, kuma duk wanda ya nemi ganin lissafi sai a ce ba ya yarda da mutane.

Wanda aka sa sunansa don kara, ya zaɓi ɗaya. Ko ya riƙa zuwa taro yana duba lissafi, ko ya rubuta takardar murabus, ya ajiye kwafi, ya tabbatar an cire sunansa a hukumar rajista. Faɗa da baki ba ya cire suna.

Ga dattawanmu da sarakunanmu masu zaman sulhu kuma, roƙona shi ne kafin a ce wane ya yi haƙuri, a fara kawo lissafi a teburi. A san nawa aka samu, ta wace ƙofa, kuma nawa doka za ta mayar wa kamfani. A gayyaci lauyan da ya san harkar kamfanoni ya faɗi wannan a gaban kowa, a rubuta abin da aka cimma, duk masu hannun jari su sa hannu. Bayan haka wanda ya ga zai yafe wani abu don zumunci, ya yafe da idonsa a buɗe.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa albarka a kasuwancinmu.

Sakataren Ƙungiya